Ranar da abokin aikinmu ya galabaita da zafin rana

Jiya wajen ƙarfe biyu muna zuba kankare sai na ga abokin aikinmu ya jingina da bango, zufa na zubo masa kamar an watsa masa ruwa. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce kansa ke sara, jiri na ɗibarsa, ga tashin zuciya. Na taɓa hannunsa na ji sanyi da danshi duk da ranar da ake ƙwallawa. Ashe tun safe sau ɗaya ya yi fitsari, kaɗan, ja kamar shayi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ruwan jikinsa ya yi ƙasa. A busasshen zafi zufa kan bushe nan take, mutum bai san yawan ruwan da ya rasa ba.

Muka kai shi inuwa, muka kwantar da shi, muka ɗaga ƙafafunsa, muka sassauta rigarsa. Muna shafa masa ruwa mai sanyi a wuya da hammata, ana yi masa fifita. Tunda yana cikin hayyacinsa, na haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kaɗan-kaɗan.

Ina ta jansa da hira da gangan, don in ji ko maganarsa ta rikice. Da ya fara sambatu, ko ya suma, ko minti 30 ta wuce ba sauƙi, asibiti za mu nufa da gaggawa muna jiƙa jikinsa a hanya, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa.

Alhamdulillah, ya farfaɗo. Ya so ya koma aiki, muka hana.