Takardar Furuci da Muke Haɗawa da Rubutun Talla

A ɗan ƙaramin situdiyonmu na Agege da ke Legas, ba ma miƙa wa mai karatu, wato wanda za a ɗauki muryarsa, rubutun talla sai da takardar furuci a manne da shi. Shafi ɗaya ce, mai gida huɗu: kalmar yadda mai talla ya rubuto ta, yadda za a faɗe ta, layin da take, da wanda ya tabbatar da furucin. Tallar minti ɗaya ba ta cika wuce kalmomi 8 zuwa 12 masu buƙatar wannan ba.

Gida na biyu shi ne aikin. Da baƙaƙen Hausa ake cika shi, gaɓa-gaɓa, domin idon mai karatu da ƙa'idar Hausa ya saba. A ce sanarwar wani shago ce mai rassa a Costain, Gbagada da Epe. Bahaushe na ganin c zai karanta ta kamar ta cikin "ciki", shi ya sa muke rubuta masa Kos-ten. Sunan da ke da ch kuwa, irin su Chinedu, sai ya koma Ci-ne-du.

Gbagada ta fi wahala. A Yarbanci gb sauti ɗaya ne, ana rufe leɓɓa da bayan harshe lokaci guda. Mai karatu ko dai ya yar da g ya ce Bagada, ko ya cusa wasali ya ce Gubagada. Na farkon mazauna Legas za su gane, na biyun kuwa ya mai da gaɓa uku huɗu, kunne ba ya yafe shi. Epe kuma Yarbawa Ekpe suke cewa, mu kuwa bakinmu na karkata zuwa Efe, wanda zai iya sa mai saye ya rasa inda ake nufi. Irin waɗannan rubutu kaɗai ba ya wadatarwa. Muna roƙon mai tallar ya turo saƙon murya, ya faɗi kowane suna sau biyu, a hankali sannan da saurin magana, a saka wa mai karatu kafin a buɗe makirfo.

Kalmomin aro ba ma taɓa waɗanda suka zauna, kamar banki, asibiti da lamba. Gajerun sunaye ne ke son hukunci: BRT, motocin bas na Legas, harafi-harafi ake faɗa, bi-ar-ti, amma LASU, Jami'ar Jihar Legas, kalma ɗaya ce, La-su.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a gyara furuci a layi na 3 a manta sunan ya sake fitowa a layi na 11. Sai a wajen tacewa a ji suna ɗaya da baki biyu, dole a sake kiran mai karatu ya ratso cunkoson Oshodi saboda kalma guda. Don haka muke ja wa kalmar layi da jan biro duk inda ta fito a rubutun, a kuma rubuta lambobin layukan gaba ɗaya a gida na uku.