Kalmomi biyar da suka kusa raba ni da aiki

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a sashen wayar da kai na hukumarmu ta sufuri, bayan shekara tara ina rubuta abin da ake mannawa a bayan motocin haya da allunan bakin hanya. Yaran da za su gaje ni sun ce in rubuta musu abin da na koya. Na zauna na yi ta lissafi, sai na ga kusan duk abin da na sani ya fito ne daga taken nan guda ɗaya da har yau tsofaffin direbobi ke tsokana ta da shi in na shiga tasha.

Shekarata ta biyu ce a ofis. Satumba ta kama, lokacin da kowace hukuma ke fara gangamin ƙarshen shekara, saboda daga nan har Disamba hanya cika take yi da matafiya. Mai gidanmu ya kira ni ya ce yana son take a kan gudun wuce sa'a, gajere, mai shiga kai, kafin Litinin. Kwana biyu ina juya kalmomi har na fito da wannan: RAGE GUDU, KA ƘARA KWANA. Wallahi daren nan da ƙyar na yi barci don murna. Kalma biyar, "rage" na fuskantar "ƙara", ga daɗin faɗa a baki. Nufina a fili yake a wurina: ka sassauta ƙafa a kan totur, ka yi tsawon rai. Da na kai masa, ya karanta sau biyu, ya buga tebur, ya sa hannu da jan biro. Aka buga sitika dubu biyar da alluna shida. Ba wanda ya ce a kai wa direba ko ɗaya ya karanta, ni ma kuma ban kawo wannan a raina ba.

Ranar ƙaddamarwa muka je babbar tasha da rumfa da lasifika. Ina cikin raba sitika sai wani dattijon direba mai zuwa Legas ya karɓi ɗaya, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta a hankali. Ya ce, "Ɗana, wa ya rubuta wannan?" Na ce, "Ni ne, Baba," ina jiran yabo. Ya ce, "To ka faɗi gaskiya. Duk wanda ya rage gudu zai ƙara kwana, a hanya." 'Yan kamasho da yaran mota suka fashe da dariya. Nan take na ji ƙasa na juyawa da ni, domin haka Bahaushe zai fara fahimtarsa: ƙara kwana shi ne sake kwana a wuri. Wato da kuɗin hukuma na buga wa direbobi hujjar da suke kafawa don yin gudun. Wani yaro kuma ya ɗora da cewa ai kwanonin hanya sun ishe su, ba sai an ƙara musu wata kwana ba.

Wannan duk wasa ne a kan abin da ya biyo baya. Da aka idar da azahar, limamin masallacin tasha ya sa aka kira ni gefe. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko akwai ɗan Adam da ke iya ƙara wa kansa kwana, ya karanto mini ayar da ke cewa idan ajali ya zo ba a jinkirta shi da sa'a guda, ba a kuma gaggauta shi. Ya ce shi ya gane alheri nake nufi, amma direban da ke jin haushin jami'an hanya zai ce ga hukuma nan tana ja da ƙaddara, daga nan kuma duk abin da muka faɗa ya zama na banza. Ya kuma nuna mini yadda lafazin ya yi kusa da "ƙarar kwana", abin da ake faɗa in mutum ya mutu. Wa zai so ya manna wannan a gilashin da yake neman abincin iyalinsa da shi? Cikin mako biyu ban ƙara ganin sitikar a jikin mota ko ɗaya ba. Na dai ga wata an liƙe tsagar kujera da ita.

A taron ofis na Litinin, mai gidan nan ya tashi gaban kowa ya ce shi tun farko taken bai kwanta masa ba, yaro ne ya yi gaban kansa. Takardar da ya sa wa hannu tana cikin fayil ɗin da ke gabana. Ban buɗe ta ba, na ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Aka ba ni takardar gargaɗi, aka tsallake ni a ƙarin girman shekarar. Na yafe, amma takardar tana nan a akwatina, jan biron bai dushe ba.

Abin da ya cece ni shi ne na koma tashar, ba rumfa ba lasifika, na zauna a bencin mai shayi kusan kullum har wata guda. A nan na gane cewa direban haya bai jahilci haɗarin gudu ba, ya fi ni ganin gawa a kan kwalta. Lissafi yake yi. Akwai balas da zai kai wa mai mota, akwai layin lodi da wanda ya riga isa shi zai riga ɗauka. Na taɓa zana wa wani lissafin a bayan kwalin shayi. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. In kana tafiya a kan 100, awa biyu da minti 18 ne, in ka taka 120 kuma awa ɗaya da minti 55. Ribar duka minti 23 ce, in ma ba shinge ba rami ba cunkoso. Ga shi nisan da birki ke ci kafin mota ta tsaya ba ya tafiya daidai da gudu, ninkuwa yake yi: daga 100 zuwa 120 yana ƙaruwa da kusan rabi, in ka ninka gudu sau biyu kuma ya ninku sau huɗu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, minti ashirin da ukun nan motoci huɗu ne a gabana a layi." Ban sami amsa ba. Tun ranar na daina yaudarar kaina cewa take zai gyara abin da tsarin balas ya ɓata. Wannan aikin doka ne da na'ura, irin na'urar taƙaita gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya a 2017. Abin da take ke iya yi ƙarami ne: ya tuna wa mutum aiki guda a daidai lokacin da hannunsa zai iya yinsa.

Shi ya sa shekarar da ta biyo na bar batun gudu na koma kan bel. Tun 2003 ake kama wanda bai ɗaura ba, amma kowa ya san yadda ake yi: a rataya shi a kafaɗa in an hango jami'ai, a sake shi da an wuce. Irin abin da ya faru ke nan a 2009 da aka tilasta hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. In ka tambayi direba, amsar ɗaya ce: abin da Allah ya rubuta ba makawa. A wannan karon ban yi gardama da ƙaddara ba. Na koma wurin limamin nan, shi ya tuna mini hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Daga nan taken ya fito: ƊAURA BEL, KA YI TAWAKKALI. Bai yi wa kowa alkawarin tsawon rai ba, bai ambaci mutuwa ba, kuma umarni ne da za a iya cikawa cikin daƙiƙa biyu kafin a tada mota.

Kafin ya je maɗaba'a sai da na rubuta shi a kwali na bi mutum ashirin da shi, direbobi da yaran mota da fasinjoji da mai sayar da fura. Ba na tambayar ko ya yi daɗi, don Bahaushe ba zai kunyata ka a gabanka ba. Cewa nake yi, "Me aka ce ka yi?" Sannan in nemi wanda ya fi kowa baƙar magana a tashar in ce ya ɓata mini shi in zai iya. Wanda bai iya boko ba kuwa karanta masa nake yi sau ɗaya, in dawo bayan awa guda in ji ko zai maimaita. Duk da haka sai da aka kusa sake kayar da ni. Samfurin farko da maɗaba'a ta aiko, nau'in rubutun da suka zaɓa ba shi da harafi mai lanƙwasa, sai ga DAURA BEL ɓaro-ɓaro, kamar sunan wata unguwa a garin Daura. Da ban je da kaina na duba ba, da an sake yin dubu biyar. Wannan matsalar ce ke mai da haɗari ya koma hadari, ka ga allo yana gargaɗin mutane a kan ruwan sama.

Sauran abubuwan ba su da yawa. Mota mai gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, don haka allon da ake fara iya karantawa daga mita ɗari, daƙiƙa uku da ɗoriya kawai yake da su. Abin da ya wuce kalma biyar ko shida ado ne. Tambarin hukuma da hoton shugaba su koma ƙasa, in an bar ka, ni dai ba kullum ake bari na ba. Kada ka ɗauko taken Turanci ka sa masa rigar Hausa, a sake tunaninsa daga tushe. "Sauri ya haifi nawa" karin magana ce mai kyau, amma an ji ta har kunne ya daina kama ta. Sitikar bel a gaban mota take aiki, kusa da sitiyari, don wadda ke bayan mota na bayanka ne ke karanta ta. Kuma duk abin da aka amince da shi, a sa hannu, ka yi hotonsa ka ajiye a gida.

Taken bel ɗin ya yi shekara shida ana sake buga shi. Ba zan ce ya ceci rai kaza ba, ba mu taɓa ƙirgawa ba, kuma duk wanda ya ba ku irin wannan adadi a kan take ku tambaye shi yadda ya auna. Na dai sha ganin masu fenti sun rubuta shi da hannu a jikin manyan motoci ba tare da mun biya su ba. A bikin sallamar mai gidan nan, cikin jerin nasarorinsa da aka karanta har da shi, na kuma tafa tare da kowa. Dattijon direban ya daina tuƙi yanzu, yana zama a ofishin tasha yana rubuta sunayen fasinjoji. Makon jiya na je yi masa sallama, yana hango ni ya ɗaga murya ya ce a ba Ƙara Kwana kujera.