Yadda na jera hotunan atamfofin Yaya bisa kala da Python

Yayata tana saro atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari ta sayar ta WhatsApp, kuma duk turmin da ya shigo hannunta sai ta ɗauke shi hoto, to yau da gobe hotunan sun cika waya har sun wuce dubu. Kwastoma za ta ce Hajiya a turo min masu shuɗi-shuɗi ko masu ruwan goro na anko, ita kuma sai ta zauna tana ta jan allo tana tsinta ɗaya-ɗaya har ido ya yi ja. Shi ne na ce Yaya kawo wayar nan in kwashe su a kwamfuta, na san hanyar da za a sa kowane hoto ya faɗi kalarsa da kansa.

Abin da ya fi zuwa wa mutum a rai da farko shi ne a ɗauki matsakaici. Ai hoto ɗigo-ɗigo ne, fiksel, kowane ɗigo lamba uku gare shi, ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255, sai a haɗa duka a raba da yawansu shi ke nan. Wannan yana yi a kan yadi mai kala ɗaya, amma a atamfa sam ba ya yi. Ɗauki zane rabi shuɗi rabi rawaya, shuɗin (0, 0, 255) ne rawayar kuma (255, 255, 0), in ka haɗa ka raba biyu za ka samu kusan (128, 128, 128), wato ruwan toka tsantsa, kalar da ko zare ɗaya babu ita a jikin zanen. Alamar da za ka gane ana wannan cutar ita ce duk sakamakon ya riƙa fitowa dishi-dishi, daga ruwan toka sai ruwan ƙasa.

Don haka ba haɗawa za a yi ba, warewa za a yi. Akwai dabarar da ake kira `KMeans` a cikin scikit-learn, wani laburare na Python, ka ce mata tsibi biyar nake so, ita kuma ta tura kowane ɗigo wajen tsibin da kalarsa ta fi kusa da shi, ta sake lissafa tsakiyar kowane tsibi, ta sake rabawa, haka dai har abu ya daina motsi. Kamar mai tsince hatsin da ya cakuɗe a faifai, gero gefe dawa gefe. A ƙarshe kana da kala biyar da kuma kason da kowace ta ci a hoton.

```python
from PIL import Image
import numpy as np
from sklearn.cluster import KMeans

im = Image.open(fayil).convert("RGB")
im = im.resize((150, 150), Image.NEAREST)
x = np.array(im).reshape(-1, 3)
km = KMeans(n_clusters=5, n_init=4, random_state=0).fit(x)
kaso = np.bincount(km.labels_) / len(x)
```

Rage girman nan dole ne, hoton waya mai faɗin 4000 da tsawon 3000 ɗigo miliyan 12 ne, alhali 150 sau 150 ɗigo 22,500 ne kacal kuma sun isa a gane kala. Abin da nake so a lura da shi shi ne `Image.NEAREST` ɗin nan. Sauran hanyoyin rage hoto suna gauraya ɗigon da ke maƙwabtaka don hoto ya yi sumul, to a atamfa mai ƙananan zane wannan gaurayawar ita ce dai matsakaicin da muka gudu ya biyo mu ta bayan gida, layin baƙi siriri a kan rawaya sai ya koma wata kala mai datti. `NEAREST` ɗauko ɗigo ɗaya kawai yake yi yadda yake, hoton zai yi muni a ido amma kalolin na gaske ne. Shi kuma `random_state=0` don gobe in ka sake gudanarwa a kan hoton ya ba ka amsar jiya.

Yanzu bari in kawo turmi ɗaya mu bi shi, don a nan ne ainihin maganar take. Wata atamfa ce mai duhun shuɗi da manyan furanni ruwan goro, Yaya ta shimfiɗa ta a kan tayil ɗin falo ta ɗauka. Tsibi mafi girma, kashi 41, ya fito (214, 205, 190), wannan ba zanen ba ne, tayil ne. Sai shuɗin (24, 38, 92) da kashi 27, ruwan goro (226, 120, 30) da kashi 18, ragowar baƙin layi ne da ɗan fari. In da girman tsibi kawai za a bi, da an kai wannan atamfar cikin masu ruwan madara, ita da duk wani kayan da aka taɓa ɗauka a falon nan. Yanke gefe-gefen hoto a bar tsakiya yana rage matsalar sosai, ni kashi 20 nake cirewa ta kowane ɓangare, amma ba kullum kayan ke zama a tsakiya ba, wani hoton a karkace yake wani kuma har da hannun mai riƙewa.

Sai na juya kowace kala zuwa HSV da `colorsys.rgb_to_hsv`, shi ma lamba uku ne amma sun fi kama da yadda mutum yake magana. H ita ce jinsin kalar a kan da'ira mai digiri 360, ja a 0, rawaya 60, kore 120, shuɗi 240. S ita ce kaurin kalar, wato ta ƙoshi da rini ko ta koɗe, V kuma haske. (A kula, `colorsys` daga 0 zuwa 1 yake karɓa kuma haka yake mayarwa, sai an raba da 255 kafin a ba shi.) Tayil ɗin nan S ɗinsa 0.11 ne kawai, shuɗin 0.74, ruwan goron 0.87. In ka ninka kaso da S, tayil ya faɗo ƙasa da 0.05, shuɗi ya samu 0.20, ruwan goro kusan 0.16. Shuɗi ya ci, tayil ya fita daga lissafi ba tare da na taɓa hoton ba.

Na nuna wa Yaya ina jin daɗi, ta kalla ta ce ai ƙanena wannan duk wanda ya zo nemanta mai ruwan goro yake cewa. Kuma gaskiyarta, don shuɗin ya yi duhu ya koma baya, furannin ne ke tsalle su shiga ido. Da na sa V cikin ninkin, ruwan goro ya koma kusan 0.14 shuɗi 0.07, amsa ta juye. To wanne ne daidai? Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne kalar da ta rinjaya ba abu ɗaya ba ce da lissafi zai tono, akwai wadda ta fi cin fili akwai wadda ta fi kama ido, kuma mai saye ta biyun yake kira. Saboda haka na bar V a ciki don zaɓen babbar kala, sannan duk wata kala mai kauri da ta kai kashi 15 na sa a kwafi hoton zuwa foldarta ita ma. Atamfar nan yanzu tana cikin ruwan goro tana kuma cikin shuɗi, duk ta inda kwastoma ta ɓullo za a same ta.

Jerawar ita ma da nata rikicin. Ka ce a jera bisa H daga 0 zuwa 360, za ka ga jajaye sun rabu gida biyu, wasu a farkon layi wasu can ƙarshe, domin ja mai digiri 5 da ja mai digiri 355 maƙwabta ne a da'ira amma a layi sun fi kowa nisa. Maganin layi ɗaya ne, a ɗan murza da'irar:

```python
h = (h * 360 + 15) % 360
rukuni = int(h // 30)
```

Wannan ya ba ni rukuni 12, cikin kowane rukuni kuma na jera daga mai haske zuwa mai duhu. Ya fi kyau a ido nesa ba kusa ba a kan bin H zalla, inda za ka ga mai duhu da mai haske suna ta tsallaka juna don bambancin digiri ɗaya da ido ma ba ya gani.

Fararen shadda su suka fi ba ni aiki. Fari da baƙi da ruwan toka ba su da H ta gaskiya, amma kwamfuta sai ta ba su lamba. (200, 200, 205) H ɗinta 240 ne, shuɗi ke nan, (205, 200, 200) kuma 0, ja, alhali a ido duk farar shadda ce guda. Shi ya sa za ka ga farare sun watsu ko'ina cikin layin. Dole a tsame su tun kafin a fara jerawa: in V ta yi ƙasa da 0.2 baƙi ne, in S ta yi ƙasa da 0.15 fari ne ko ruwan toka gwargwadon haske, kuma in duk tsibin da ke da kauri ba su kai kashi 15 a haɗe ba to hoton gaba ɗaya na gidan marasa kala ne, kar ninkin nan na S ya je ya ɗauko ɗan tambarin kamfani da ke manne a jikin turmi ya ce shi ne kalar. Waɗannan lambobin ba doka ba ce, da kayan Yaya na daidaita su, naka hotunan za su iya neman wasu. Ruwan ƙasa ma sai da na ware masa ƙa'ida, don a HSV ruwan goro ne mai duhu, H ɗinsu kusan ɗaya, V ce ke raba su. Haka ruwan hoda, yawancinsa ja ne mai ƙarancin S da haske sosai.

Yadda nake dubawa kuwa, ba na yarda da lambobi a allo. Na sa a haɗa min babban hoto guda, kowane turmi ƙarami da ɗan murabba'in kalar da aka zaɓa masa a ƙarƙashinsa, jere bisa tsarin. Da kallo ɗaya baƙon cikin layi yake fitowa. A nan na ga wasu fararen shadda zaune cikin rawaya, na duba sai na tarar da daddare aka ɗauke su ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, hasken ya rina su har S ta haura iyaka. Wannan kam lissafi ba zai raba maka farar shadda a hasken ƙwai da shadda ruwan madara a hasken rana ba, lambobinsu iri ɗaya ne. Tsofaffin da hannu Yaya ta gyara su. Sababbi kuma mun yi da ita za ta riƙa ɗauka da rana a inuwa, ba filashi saboda shadda tana ƙyalli, ta cika hoton da zanen, sannan ta ajiye farar takarda a kusurwar hagu ta sama. Ni kuma kafin a yanke gefe sai in auna takardar, in ninka ja da kore da shuɗin hoton da abin da zai sa lambobinta uku su zo daidai da juna, sannan a shiga warewa.