Yadda muka ƙiyasta kwanakin aikin da ba mu taɓa yin irinsa ba

An ba mu aikin mayar da katunan marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti daga takarda zuwa kwamfuta, kuma tambayar farko da hukumar asibitin ta yi ita ce kwana nawa zai ci. Babu wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a cikinmu, babu kuma wani tsohon rahoto da za a buɗe a gani. A irin wannan hali, duk wanda ya faɗi lamba ɗaya tak, shaci-faɗi ya yi. Shi ya sa na koma ga ƙiyasi mai lamba uku, wanda ya fito daga tsarin PERT da rundunar sojan ruwan Amurka ta ɓullo da shi a 1958 don aikin makami mai linzami na Polaris. Su ma matsalarsu ke nan: aiki ne da ba a taɓa yi ba, ga kuma wa'adi ana jira.

A kowane ɓangare na aiki ana neman lamba uku: kwanakin da zai ci in komai ya tafi daidai, kwanakin da aka fi zaton zai ci, da kwanakin da zai ci in abubuwa suka dagule. Lissafin bai da wuya:

```
E = (O + 4M + P) / 6
SD = (P - O) / 6
```

O ita ce lambar sauƙi, M ta tsakiya, P ta tsanani. E shi ne ƙiyasin da za a yi aiki da shi, SD kuma tana nuna yawan kwanakin da ƙiyasin zai iya kaucewa sama ko ƙasa.

Wahalar tana wajen samo lambobin, kuma a nan na fi daɗewa. Idan ka fara tambayar mutum lambar tsakiya, sauran biyun za su manne mata. Ya ce goma, sai ya ƙara da takwas da sha biyu. Duk lokacin da na ga lambobi sun jeru haka, tazara ɗaya hagu da dama, na san ba a yi tunanin tsananin ba, domin aiki ya fi saurin zarce lokaci a kan ya gama da wuri. Saboda haka da ta tsanani nake farawa, kuma ba lamba nake tambaya ba, labari nake nema.

Wajen dattijon da ke riƙe da ɗakin kati na je. Na ce, "Baba, in aka ce a tace katunan nan a jera su, me zai ɓata mana lokaci?" Bai ce komai ba, ya jawo wani ƙunshi daga kantar ƙasa. Damina ta taɓa shi, takardun sun manne da juna, ƙusar da aka haɗa su da ita ta yi tsatsa ta ci gefen shafi. Sannan ya nuna mini kati uku na mace ɗaya, an rubuta sunanta iri uku saboda duk zuwan da ta yi sabon kati aka buɗe mata. Ya ce, "Ɗana, irin waɗannan sai an zauna an tantance da ido." Bayan wannan ne muka sa lamba: kwana 6 in an yi sa'a, 10 a yadda aka fi zato, 20 in irin ƙunshin nan ya yi yawa. Shida, da arba'in, da ashirin, a raba shida, ya ba da kwana 11.

Akwai iyakar da na sa wa lambar tsanani. Abin da kan faru a aiki ne ke shiga ciki, kamar na'ura ta tsaya ko ma'aikaci ya kwanta rashin lafiya. Gobara ko yajin aiki ba sa shiga, an rubuta su daban a jerin haɗurra. In aka cusa su ciki, lambar za ta kumbura har ta daina faɗin komai.

Ga ɗaukar hoton takardu da na'ura kuwa, babu wanda zai ba mu labari, don haka muka ƙirƙiro wa kanmu ɗan tarihi. Muka ɗebi katuna daga kantoci daban-daban, sababbi da tsofaffi, muka yi aikin na yini guda muna duban agogo. Da daga kantar sama kaɗai muka ɗiba, inda katunan bana suke, da gwajin ya yaudare mu. Saurin da aka yi a kan masu tsabta ya ba mu 12, gaurayen ya ba mu 18, lalatattun suka ba mu 36, ƙiyasi ya tsaya a 20. Ta wannan hanya shigar da bayanai ya fito 15, 24 da 45, wato 26. Dubawa da gyara kuma 4, 6 da 14, wato 7. Duk kwanakin aiki ne, ban da ranakun hutu, kuma mutane ɗaya ne ke yin kowane ɓangare, don haka sai an gama wani ake shiga wani.

Idan aka tara lambobin tsakiya, kwana 58 ne, kuma ita ce lambar da kowa ke son ji. Idan aka tara na tsanani, 115, wadda ke nufin kowane ɓangare ya lalace a jere, abin da da wuya ya faru. Jimillar ƙiyasin ita ce 64. Sai dai 64 kusan rabi da rabi ce, ana iya cimma ta, ana iya wuce ta, ba lambar da ake ɗaukar alkawari a kanta ba ce. Don a san abin da za a ƙara, ba a tara SD kai tsaye. Ana ninka kowacce da kanta, a tara, a ɗauki tushen jimillar. Namu sun ba da kusan 49, tushensa 7. Mai son tabbacin kashi 90 cikin ɗari zai ƙara 7 sau 1.28, kusan kwana 9, ya samu 73.

Ban kai wa hukuma 73 ba, kuma dalilin shi ne darasin da na fi riƙewa. Wannan lissafi yana ɗauka cewa jinkirin wani ɓangare bai da alaƙa da na wani, har sa'ar ɗaya ta rufe rashin sa'ar ɗaya. Amma ɗaukar hoto da shigar da bayanai duk a kan wutar lantarki suka dogara, kuma lalatacciyar takardar da ta wahalar da na'ura ita ce za ta wahalar da mai karanta rubutun. In ɗaya ya makara, ɗayan ma zai makara. Sai na haɗa su wuri guda, na tara SD ɗinsu, wato 4 da 5, kai tsaye suka zama 9. Da aka sake lissafi, kaucewar aikin duka ta tashi daga 7 zuwa fiye da 9, wa'adin ya koma 76. Hanyar gane irin wannan ita ce a koma ga labaran da aka bayar na tsanani. In dalili ɗaya ya fito a ɓangare biyu, to a ɗaure suke.

Abin da na rubuta wa hukuma shi ne muna sa ran kwana 64, muna ɗaukar alkawarin 76, kuma kwana 12 na tsakani a hannuna suke, ba a raba wa ɓangarori ba, domin ranar da aka ba mutum a matsayin rara ba ta dawowa. Na kuma sa sharaɗin za a sake ƙiyasin da zarar an gama tacewa, tunda a lokacin mun ƙirga lalatattun katuna mun san yawansu. Da aka gama, sun fi abin da gwajinmu ya nuna, sai muka ɗaga lambar tsakiya ta ɗaukar hoto daga 18 zuwa 21, muka sauke ta tsanani daga 36 zuwa 30. Ƙiyasin ya matsa kaɗan zuwa 21, amma kaucewarsa ta ragu daga 4 zuwa 3, kuma da sababbin lambobin muka shiga ɓangare na biyu.