Katin gayyata sittin, amsa tara

Wanda zai gayyaci diloli da abokan ciniki taron ƙaddamar da sabon kaya a Kano, ya sani cewa ranar da ya rubuta a ƙasan kati, wai a ba shi amsa kafin ta, ba ta aiki ita kaɗai. Na gani da idona lokacin da muka fito da garin kunun gyaɗa na leda mai rabin kilo, kuma har yau in na tuna abin da ya faru a bakin ƙofar zauren nan sai raina ya sosu.

Rana da wuri ba su ba ni wahala ba. Juma'a ba ta cikin lissafi. Asabar ta ɗaurin aure ce, ta ƙarshen wata kuma akwai tsaftar muhalli, ba a fita da safe sai ƙarfe 10. Na tambayi wasu dilolinmu na kasuwar Singa, suka ce tsakiyar mako ya fi musu, da hantsi, a tashi a yi azahar kowa ya koma shago. Zaure kuwa na duba janareta, wurin ajiye mota da wurin alwala, na biya kafin alƙalami. Ga abin da muka buga a kati, muka raba shi saura mako uku:

"Muna farin cikin gayyatar Alhaji zuwa taron ƙaddamar da sabon garin kunun gyaɗarmu, ranar Laraba 12 ga Nuwamba, daga ƙarfe 11 na safe zuwa 1 na rana. Muna roƙon a sanar da mu ko za a samu halarta, da adadin waɗanda za a zo da su, kafin ranar Laraba 5 ga Nuwamba."

A ƙasa akwai sunan zauren da kwatancensa, har da gidan man da ke kallonsa, da lambar waya ɗaya tak. Ranar 5 ɗin ba da ka na sa ta ba. Mai abinci ta ce ranar Asabar 8 ga wata take son adadi na ƙarshe don ta yi cefane, masu kujeru ma haka. Sai na ja baya da kwana uku na ba kaina sarari. Wannan sararin shi ya cece ni, don ranar 5 da daddare da na buɗe littafi, a cikin mutum sittin da aka kai wa kati, tara ne kawai suka amsa. A taran ma akwai ma'aikacin bankinmu da mai buga mana leda, mutanen ofis waɗanda dama sun saba da irin wannan.

Sauran fa? Duk wanda aka miƙa wa kati ya karɓa hannu biyu ya ce "Madalla, Allah ya sanya alheri, Allah ya kai mu." A wurinsa ya gama amsawa. Addu'a ce mai kyau kuma ina sonta, amma ba ta gaya maka kujera nawa za ka jera. Wanda zai zo ita yake faɗa, wanda ya san yana Legas ranar ma ita yake faɗa, saboda ba ya son ya ce maka a'a a fuska.

Muka zauna ni da ƙanena muka raba sunaye muka shiga kira. A nan na gane cewa yadda ka yi tambaya shi ke kawo amsa. In ka ce "Alhaji, za a zo kuwa?" za ka ji "in sha Allahu", ka koma inda ka fito. Sai muka sauya: "Ranka ya daɗe, muna rubuta suna a jikin katan ɗin gwaji na kowane baƙo, kuma mai abinci na jiran lissafi. Da kanka za ka zo ko wakili za a turo, kuma ku nawa ne?" Maganar wakili ta buɗe wa mutane ƙofa, wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa ba tare da jin kunya ba. Waɗanda ba sa karanta rubutu a waya muka tura musu saƙon murya ta WhatsApp. Wasu kuma babban yaron shago muka kira, don shi ya san ko maigida na gari, ya san su wa ke shiga motarsa.

Zuwa daren Juma'a lissafi ya fito. Talatin da takwas za su zo ko su turo wakili, sha uku sun ba da uzuri, tara ba a same su ba sam. Talatin da takwas ɗin nan da muka haɗa da 'yan rakiyarsu sai suka zama mutum 67. Ku duba tazarar: da katin da na raba na ƙirga, ko da amsar da ta shigo kafin wa'adi, da na sha kunya. Na ce wa mai abinci ta yi na mutum 80. Mutum 76 suka zo, abinci ya isa.

Amma a cikin taran da ba a samu ba akwai wani dattijo, babban dila, wanda motocinsa ke kai kaya har Maraɗi da Damagaram. Gaskiya rabin taron saboda shi na shirya. An kai masa kati, an kira ba ya ɗagawa, yaronsa ya ce bai san komai ba, sai muka sa shi cikin waɗanda ba za su zo ba. Sha ɗaya da rabi, ana tsakiyar bayanin farashin sari, sai ga shi a bakin ƙofa da mutum shida a bayansa. Layin gaba ya cika, kowace kujera da sunan mai ita. Ya tsaya riƙe da carbinsa yana duban zaure, yara na ta kiciniyar jawo kujerun roba daga baya, kowa ya waiwayo. Minti biyu ne ko uku, amma a gaban tsaransa aka yi. Katan mai sunansa ma babu. Ya zauna kaɗan, ya yi addu'a ya tafi, bai ɗauki ko leda ɗaya ba.

Da na je shagonsa daga baya, na durƙusa na gaishe shi, abin da ya ce mini shi ne: "Ɗana, kai ma ka san zan zo. Ni ne zan bugo maka waya in ce ka ajiye mini kujera?" Har yanzu ina jin haushin cewa layi biyu na saƙo sun isa su hana wannan duka. Sai dai shi a ganinsa irinsa ba ya aika amsa, zuwa ake yi a same shi, kuma ba ni zan sauya masa ɗabi'a ba. Sai bayan watanni ya fara ɗaukar kayanmu, lokacin kuwa azumi ya wuce, kasuwar kunu mafi ƙarfi a shekara ta wuce mu a hannunsa.

Yanzu kafin a buga kati nake ware manya, ba sa wuce biyar ko shida. Su ba a aika musu yaro. Da ƙafata nake zuwa, tun ban biya kuɗin zaure ba, in ce "Baba, ga ranar da nake tunani, ta yi maka?" Wanda aka yi shawarar rana da shi ya riga ya amsa, kuma a nan take nake jin mutum nawa zai zo da su. Sauran jama'a ina nan ina rubuta musu wa'adin amsa, amma ina faɗin dalilinsa a jikin katin, cewa da shi za a tanadi abinci da katan ɗin gwaji, kuma ina ɗaukarsa a matsayin ranar da zan fara kira. Wanda ya yi shiru, musamman babba, ba na cire shi daga lissafi. A layin gaba ina barin kujeru takwas babu suna, da katan biyar a gefe da alƙalami a aljihun ƙanena, yana tsaye a bakin ƙofa har a tashi.