Ramukan da Ke Gindin Ginshiƙi: Abin da Filasta Ke Ɓoyewa

Ƙaramin kamfaninmu na gine-gine a Gusau yake, kuma yawancin aikinmu zuba kankare ne: ginshiƙai, linta da rufin bene. Ranar da nake sanin ingancin aiki ita ce ranar da kafinta ya ɓare katako, domin a ranar ake ganin fuskar kankare kafin filasta ta rufe ta. Idan aikin ya yi kyau, ginshiƙi zai fito sumul, kusurwoyinsa a tsaye. Idan bai yi ba, za a ga tsakuwa tsirara a gindinsa, ramuka a tsakaninta kamar saƙar zuma, wani lokaci har rodi yana leƙowa.

Waɗannan ramuka suna nuna cewa kwaɓin ya rabu. Kankare haɗin abubuwa ne masu nauyi daban-daban, kuma yana da ƙarfi ne kawai idan siminti da yashi sun lulluɓe kowace tsakuwa sun cike tsakaninta. A haɗin da muka fi amfani da shi, wato 1:2:4, buhun siminti mai kilo 50 yana ɗaukar kwanon yashi huɗu da kwanon tsakuwa takwas, da ruwa kimanin lita 25 idan yashin a bushe yake. Da zarar an wuce wannan ruwa da yawa, kwaɓin ba ya iya riƙe tsakuwarsa: ita ta nutse, ruwan siminti ya taso sama ko ya tsiyaye ta haɗin katako. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwaɓi yana saurin yin tauri a cikin baro, shi ya sa lebura ke kai hannu ga bokiti. Ba na barin kowa ya ƙara ruwa sai da izinina, kuma a irin wannan lokaci da asuba muke fara zuba.

Ginshiƙin da ake yi a yawancin gidajenmu inci tara ne kowane gefe, wato milimita 225, tsayinsa kusan mita 3, da rodi huɗu a ciki waɗanda aka ɗaure da zobba. Tsakanin zobba da katako ana barin kimanin milimita 25 ne kacal. Tsakuwa mai milimita 20 za ta wuce ta wannan tsukin da kyar, amma idan mai tifa ya kawo wadda aka fasa da hannu, manya da ƙanana a gauraye, to manyan za su maƙale a kan zobba su toshe hanya, ƙasansu ya zama fanko. Sannan idan lebura ya hau sama ya juye kwano daga mita 3, tsakuwa ce ke fara isa ƙasa, ita kuma lakar siminti ta manne a rodi da zobba a hanya. Wannan ne dalilin da ya sa ramukan suka fi yawa a gindi, inda nauyin bene ya fi taruwa, kuma inda rodin sama ke haɗuwa da na tushe har wurin ya ƙara cunkushewa.

Saboda haka mu ba ma barin kankare ya faɗo daga sama da mita ɗaya da rabi. Kafintanmu yana buɗe taga a tsakiyar katakon, a zuba rabin ƙasa ta nan, a rufe, sannan a ci gaba daga sama. Kafin kwano na farko muna fara zuba ɗan kwaɓin siminti da yashi zalla a gindi, mu kuma toshe duk wata kafa da ke tsakanin katako da ƙasa, domin komai ƙanƙantar kafa, da zarar inji ya fara girgiza ta nan ruwan siminti zai gudu.

Maigidan da ya koya mini aiki ba shi da injin girgiza a lokacin. Guntun rodi yake ba ni, ya ce: "Yaro, soka har sai ka ji ƙasa, kuma kada ka manta da kusurwa." Shi kuma yana ƙasa yana bubbuga katako da guduma yana sauraro, domin wurin da ya cika yana da amo daban da wurin da ke fanko. Har yanzu sukan rodi yana wadatarwa a ƙaramin aiki irin na linta, da sharaɗin a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana sokawa sosai, amma a ginshiƙin bene injin girgiza muke sawa.

Shi ma injin yana da ƙa'ida, kuma a nan gwaninta take. Ana zuba kankare hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 45. Ana tsoma kan injin a tsaye, a bar shi ya nutse da nauyinsa har ya shiga hawan ƙasa da kimanin santimita 10 zuwa 15, don hawa biyun su zama jiki ɗaya. A riƙe shi daƙiƙa 5 zuwa 15. Mai ido yana gane ya isa idan manyan kumfan iska suka daina fitowa, saman ya kwanta yana ɗan sheƙi, ƙarar injin kuma ta daidaita. Daga nan a zare shi a hankali yadda ramin da ya bari zai rufe da kansa. Wanda ya bar shi ya daɗe a kwaɓi mai ruwa, ko ya riƙa jan kankare da shi daga wuri zuwa wuri a kan rufin bene, shi da kansa yake raba kwaɓin da aka sa shi ya haɗa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, wannan aikin ne masu gini suka fi son a cire daga lissafi. Mutum zai sayi tayil mai tsada, amma ya tsaya ciniki a kan man injin girgiza, ya ce wani ya yi masa tayin aiki ba tare da shi ba. Alhali kowane kashi 1 cikin 100 na iskar da ta maƙale a cikin kankare yana rage ƙarfinsa da kimanin kashi 5 zuwa 6, ke nan iska kashi 5 tana iya cinye kusan kashi 30 na ƙarfin da aka biya kuɗinsa. Bayan haka ruwan damina yana bin ramukan ya kai ga rodi, tsatsa ta kumbura shi, ta tsaga kankaren daga ciki. Masu arahar sun san haka, shi ya sa suke ɓare katako da sassafe su shafe ramuka kafin mai gini ya iso.

Irin wannan aka kira mu gyara a wani bene da ake ginawa a Tudun Wada. Mai ginin ya ga danshi yana fitowa a gindin wani ginshiƙi bayan ruwan sama. Na bubbuga wurin na ji amon fanko, na ce masa: "Alhaji, ka ba ni izini in ɓare filastar nan." Da muka ɓare, sai ga tsakuwa tana zubowa da taɓin yatsa, ramin ya kai har bayan rodi.

Da ramin na sama-sama ne, bai kai ga rodi ba, da sassaƙewa da cikewa da kwaɓi mai ƙarfi sun isa. Wannan kuwa sai da muka kira injiniya ya duba, muka tokare rufin da sanduna kafin mu taɓa komai. Muka sassaƙe duk abin da ke motsi har muka kai ga kankare mai tauri, muka buɗe bayan rodi yadda yatsu za su zagaya shi, muka goge tsatsa da burushin waya, muka wanke ƙura, muka jiƙa wurin tun daren da ya gabaci ranar zuba kankare. Kafinta ya haɗa katako mai baki a karkace wanda ya ɗan haura saman ramin, muka zuba kwaɓi mai yawan siminti da ƙananan tsakuwa masu milimita 10, muna sokawa har ya cika maƙil. Bayan cire katako muka naɗe wurin da buhunan algarara, ana ba shi ruwa kwana bakwai, sandunan kuma ba mu cire su ba sai da injiniya ya amince. Daga cikin ginshiƙan wannan bene, biyu ya ce ba su gyaruwa domin ramin ya ratsa su gefe zuwa gefe, aka fasa su muka sake zubawa.