Layi biyu da suka fi ɗinkin jakar ba ni wahala

'Yan'uwa masu koyon dukanci, jakar ofis ɗin da na shafe mako uku ina fama da ita ta samu mai saye jiya da yamma, kuma abin da ya sayar da ita shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hotonta a Instagram, wanda sai a karo na uku na dace da shi.

Fatar akuya ce jimar bagaruwa, mai rinin karan dafi, faɗinta santimita 38, tsayinta 28, na kuma saka kirgi tsakanin fatar baya da shafin ciki domin ta tsaya da kanta. Da na ɗauki hoto, sai alfahari ya kwashe ni na zuba duk wannan a bayani: irin fatar, zaren da na goga wa kakin zuma, aljihu uku, zif ɗin da na zaɓo a Kasuwar Bacci, har da yawan kwanakin da na yi ina ɗinki. Rubutun ya kai layi goma sha ɗaya, alhali Instagram layi biyu na farko kawai yake nunawa kafin ya ɓoye sauran, kuma a nawa layukan biyu babu komai sai sallama da godiya ga Allah. Na biya naira 6,000 na tallata hoton kwana uku, abin da na samu shi ne yabo daga dukawa irina, waɗanda ba su da niyyar saye. Kuɗin nan har yau suna yi mini ciwo, domin sun isa sayen zif da ƙarafan wata jakar.

A karo na biyu na gane cewa amfani ɗaya ya kamata in sa a gaba, amma sai na zaɓi wanda ba gaskiya ba, na rubuta cewa ruwa ba ya yi mata komai, saboda damina ce kuma na san maganar za ta ja hankali. Allah ya taimake ni, kafin kowa ya saya na ɗiga ruwa a kan ragowar fatar, na dawo bayan rabin sa'a na tarar da tabo mai duhu da zobe a gefensa. Jimar bagaruwa tana shan ruwa, man da muke shafawa jinkirta shi kawai yake yi, kuma rinin yana iya sauka a kan farar riga idan ya jiƙe. Na goge rubutun cikin kunya.

Mafita ta zo ne daga yayata, wadda take koyarwa a wata makaranta a Tudun Wada. Ta ɗauki jakar, ko kallon ɗinkin ba ta yi ba, ta zaro fayil ɗin sakamakon ɗalibai daga tata ta zura a ciki, sannan ta danna bayan da tafin hannu ta ce, "Ƙanina, wannan ko an matse mutum a Keke Napep daga Kawo zuwa cikin gari, takarda ba za ta lanƙwashe ba." Kirgin da na ambata a layi na bakwai kamar abin da ba shi da muhimmanci, ashe shi ne dalilin saye, sai dai ni na faɗi abin da na saka, ita kuwa ta faɗi abin da yake yi wa mai riƙe da jakar. Wannan karon sai da na gwada: na zuba takardar A4 guda hamsin, na rataya jakar na yini ina zirga-zirga, da magariba na fito da su sumul.

Ga abin da na rubuta:

"Takardunku za su isa ofis a miƙe, ko an matsu a mota. Jakar fatar akuya, ɗinkin hannu, tana ɗaukar fayil na A4 da kwamfuta mai inci 14. Naira 28,000. A turo saƙo, ana kawowa a cikin Kaduna."

Ƙarshen ma sai da na yi masa aski, domin a da ina roƙon a bi shafina, a yaɗa, a yi tsokaci, a kuma kira ni, wato buƙata huɗu a kan mutumin da yake gungura waya da yatsa ɗaya. Yanzu farashi ne da aiki guda. Na daɗe ina jin nauyin bayyana farashi, ina tsoron a ce ya yi tsada, amma ɓoye shi bai haifar mini da komai ba sai "nawa ne?" sau ashirin daga mutanen da suke ɓacewa da zarar sun ji amsa.

Saƙo huɗu suka shigo, wani ma'aikaci a Unguwar Rimi ya biya ba tare da neman ragi ba, wata baiwar Allah kuma ta tambaya ko akwai baƙa. Babu, kuma kirgin da ya rage mini ba zai kai bayan jaka ɗaya ba, saboda haka ranar Asabar zan koma wurin mai fata.